Cikakken Adireshi Ko "Danna Nan": Wanne Ya Kamata Ka Tura?

Liƙau mai laƙabi, irin wanda ake rubuta "Danna nan" da shuɗin rubutu, abu biyu ne a haɗe: kalmar da ido ke gani, da adireshin da ke ɓoye a bayanta. A shafin intanet ga yadda yake daga ciki:

```
<a href="https://efacility.jamb.gov.ng">Danna nan</a>
```

Burauza ce ke ɓoye adireshin ta nuna maka kalmar kaɗai. Haka Gmail da Telegram ke iya yi. Amma saƙon tes zallar rubutu yake ɗauka, ba shi da inda zai ajiye ɓoyayyen adireshi. WhatsApp ma bai ba ka damar ɓoye adireshi a bayan kalma ba.

A ce kana Gusau, ka ga sanarwa a Telegram cewa masu neman gurbin karatu su duba shafin JAMB, an rubuta "Danna nan". Sai ka kwafe ta, ka tura wa ƙanenka a Nahuce ta tes, domin ƙaramar waya mai maɓalli ce a hannunsa. Kalmomin za su isa, adireshin kuwa ya zube a hanya. Ko ya tafi shagon kwamfuta a Bunguɗu, ba shi da abin da zai ba su su buɗe. Haka abin yake in ka ɗauki hoton allon wayarka, ko aka buga sanarwar a takarda aka manna a bango: takarda ba ta dannuwa.

Cikakken adireshi bai da wannan matsalar. In ya dannu, to madalla. In bai dannu ba, ana iya karanta shi a rubuta da hannu. Don haka ka tsara saƙonka kamar haka:

```
Shafin JAMB na duba gurbin karatu:
https://efacility.jamb.gov.ng
```

Bayani a sama, adireshi a layinsa shi kaɗai. Kada ka manna masa aya ko waƙafi a ƙarshe, domin mai kwafa da hannu zai iya ɗauka cikin adireshin suke. In liƙau mai laƙabi ka samu, ɗora yatsa a kansa ka riƙe har zaɓin kwafar adireshi ya fito, sannan ka liƙa shi a saƙon.

Akwai kuma ribar tsaro. Mai karɓa zai ga `jamb.gov.ng` da idonsa, alhali "Danna nan" na iya kai mutum shafin 'yan damfara ba tare da ya sani ba.

Inda cikakken adireshi ke da rauni shi ne tsawo. Tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, kuma dogon adireshi mai tarin lambobi yana da wuyar kwafa ba kuskure. In haka ne, tura adireshin babban shafin, ka faɗi abin da za a danna in an shiga.

Liƙau mai laƙabi ka bar shi ga shafin intanet da imel. Muddin ba ka san wace waya saƙonka zai sauka ba, rubuta adireshin a fili.