Kumburin ƙafa da ciwon kai: yadda malaman jinya ke karanta labarin mai juna biyu

A takardun darasi da ake raba wa ɗaliban aikin jinya da ungozoma, akan kawo labarin majinyaci guda, ba tare da suna ba, a jero abin da ya faɗa da abin da aka auna a jikinsa. Aikin ɗalibi shi ne ya tsamo alamomin da ke nuna haɗari daga cikin tarin bayanan. Ga irin wanda akan kawo a darasin masu juna biyu.

Yarinya ce 'yar shekara 17, cikin fari, mako 34. Uwar mijinta ta kawo ta saboda ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Da aka tambaye ta, ta ce kwana biyu ke nan kanta na sara, ta sha farasitamol bai lafa ba, tana ganin wani ƙyalli-ƙyalli a idonta, kuma tun asuba saman cikinta ke ciwo ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama. An auna jininta aka samu 165/112, aka sake bayan minti 15 aka samu 168/110. Gwajin fitsari ya nuna furotin mai yawa. Jikinta babu zafi. Katin awonta ya nuna cewa a mako na 20 jininta 110/70 ne.

Abin da ya kawo su, wato kumburin ƙafa, shi ne mafi ƙarancin muhimmanci a nan. Mata da yawa masu ƙoshin lafiya ƙafarsu kan kumbura idan ciki ya tsufa, domin nauyin mahaifa na danne jijiyoyin da ke mayar da jini sama. Kumburin da ke sa a ƙara dubawa shi ne na fuska da hannuwa, musamman idan ya zo farat ɗaya.

Awon jini shi ne ginshiƙin labarin. Bayan mako 20, idan jini ya kai 140/90 an shiga hawan jini, idan ya kai 160/110 kuwa ya yi tsanani. Katin awo ya nuna cewa da can jinin yarinyar lafiya lau yake, ke nan cikin ne ya zo da shi. Matsalar daga mabiyiya take farawa. Idan ba ta kama jikin mahaifa da kyau ba, takan saki wasu sinadarai da ke sa jijiyoyin jinin uwa su tsuke su riƙa yoyo. Idan yoyon ya shafi ƙoda, furotin ɗin da ya kamata ya zauna cikin jini sai ya zubo a fitsari.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne ƙorafe-ƙorafen nan uku da sai da aka tambaya ta faɗa. Ciwon kan da magani bai kwantar ba, da ƙyallin ido, suna nuna abin ya kai ga ƙwaƙwalwa, jijjiga na iya zuwa kowane lokaci. Da akwai zazzaɓi, da hankali ya fara tafiya ga maleriya, shi ya sa aka rubuta cewa jikin babu zafi. Ciwon saman ciki kuwa daga hanta yake, ta kumbura tana miƙe fatar da ta lulluɓe ta. A gida olsa ake kiransa a nemi magani a kemis, kuma wannan kuskuren yana cin rayuka.

Abin da takardar ke so ɗalibi ya yi a bayyane yake: a kira likita nan take, a kwantar da ita ta gefen hagu, a ba da maganin sauke jini, a fara allurar magnesiyam salfet don hana jijjiga, a saurari bugun zuciyar jariri. Allurar tana da nata haɗarin idan ta taru a jiki, kuma ta fitsari take fita. Don haka kafin kowace allura ta gaba nas za ta buga jijiyar gwiwa ta ga ƙafa ta harba, ta ƙirga numfashi ya kai 16 a minti ɗaya, ta tabbatar fitsari ya kai mililita 30 a awa. Idan ɗaya ya gaza sai a dakata a sanar da likita, kuma akan ajiye makarinta, kalsiyam gulukonet, a kusa.

Duk wannan riƙe lamarin yake yi kawai, sai mabiyiya ta fita cutar ke fara janyewa. Yarinyar ta kai mako 34 kuma alamominta masu tsanani ne, don haka likita zai shirya haihuwa da zarar jinin ya daidaita. Ko bayan ta sauka za a ci gaba da allurar har awa 24 ana auna jininta, domin jijjiga kan kama mai jego ma.