Tace Maimaici a Wasiƙar Kasuwanci ta Imel: Misali Daga Ojoo, Ibadan

A darasin rubutun wasiƙa, ɗalibai kan ɗauka cewa taƙaitawa ita ce yanke duk abin da ya zo sau biyu. Wannan ɓangare na rahoton zai nuna cewa aikin yana farawa ne da ƙirga buƙatun mai wasiƙa, yanka kuwa daga baya yake zuwa. An gina misalin a kan irin cinikin da ake yi tsakanin 'yan kasuwar Arewa da wakilansu Hausawa mazauna Ibadan, musamman na Sabo da Ojoo, inda manyan motoci kan yi lodi su nufi Arewa. Ga wasiƙar da aka tsara domin darasin, daga wani dillali zuwa ga maigidansa a Kano:

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Alhaji, ina fata kana lafiya, ina kuma fata iyali suna lafiya. Dalilin rubuto maka wannan wasiƙa shi ne, wato ina so in sanar da kai cewa manjan nan ya haɗu, jarka 100. To don Allah ina roƙo, ina kuma ƙara roƙo, a turo cikon kuɗin. Sannan kuma har ila yau a turo mini lambar direban. Ka dai san yanzu damina ce, ga goro huhu 10 a cikin kayan. Kamar yadda na faɗa a baya, a turo cikon kuɗin kafin Alhamis. 'Yan lodi kuma a amince in ba su dubu biyar-biyar. Don Allah a taimaka."

Wanda ya karanta cikin gaggawa zai ƙirga buƙatu uku: kuɗi, lambar direba da ladan 'yan lodi. Alhali huɗu ne. Jimlar da ta ambaci damina ta yi kama da hira, amma roƙo ne a sakaye, domin abin da dillalin ke nufi shi ne direba ya zo da tamfol ya rufe goron. Ladabi ne ya hana shi umartar maigidansa kai tsaye. Idan aka share jimlar a matsayin surutu, goro zai sha ruwa a hanya. Saboda haka a nan tacewa fito da buƙatar fili ce, ko da hakan zai ƙara kalmomi.

Haka nan batun kuɗi ya zo sau biyu, sai dai na biyun yana ɗauke da wa'adi. Wanda ya riƙe na farko ya yar da na biyu ya yar da "kafin Alhamis". Ƙa'idar ita ce a haɗe jimlolin biyu, a riƙe duk sharaɗin da ɗayarsu ta ƙunsa, na lokaci ko adadi ko wuri.

Wuri mafi haɗari shi ne ninkin kalma. "Ina roƙo, ina kuma ƙara roƙo" maimaici ne na salo, ana iya rage shi. Amma "biyar-biyar" nahawu ne, yana nuna rabo ga kowane mutum. Idan 'yan lodin su shida ne, dubu biyar-biyar ta kama naira 30,000. In aka mayar da ita "dubu biyar", sai ta zama 5,000 a raba musu duka.

Sauran ciko ba ya buƙatar dogon bayani. "Wato", "sannan kuma har ila yau", "kamar yadda na faɗa a baya" da "ina so in sanar da kai cewa" duk za su fita ba tare da asara ba. Gaisuwa kuwa, a ganina, ba ciko ba ce. Ciniki irin wannan ya dogara ne a kan amana, kuma wasiƙar da ta afka wa Alhaji da batun kuɗi ba sallama za ta zama rashin kunya. A bar sallama da gaisuwa ɗaya da "don Allah" ɗaya. Ga yadda wasiƙar ta koma:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Ina fata kana lafiya tare da iyali. Manja jarka 100 da goro huhu 10 sun haɗu. Don Allah a turo cikon kuɗin kafin Alhamis, tare da lambar direban. A sa shi ya zo da tamfol saboda damina. Ina kuma neman amincewarka in ba 'yan lodi dubu biyar-biyar. Na gode."

Domin auna aikin a aji, malami ya miƙa tatacciyar wasiƙar ga ɗalibin da bai ga ta asali ba, ya ce masa ya lissafo abin da ake so Alhaji ya yi. Idan ya kawo huɗu, haɗe da ranar Alhamis da rabon kuɗin 'yan lodi, a ba mai tacewa cikakken maki. Idan ya kawo uku, a mayar da takardar ga mai ita ya nemo wadda ta salwanta.