Mai Sake Jarrabawar Lissafi, Kada Ka Koma Shafin Farko

Duk shekara idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, akwai gidajen da yaro ya ci darussa bakwai ko takwas, amma lissafi ya tsaya masa a D7 ko E8. Jami'a kuwa a yawancin kwasa-kwasai kiredit take nema, wato daga C6 zuwa sama, don haka sai a sake biyan kuɗi yaro ya zauna jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara. A nan iyaye da yawa suke asarar kuɗinsu karo na biyu. Ana saya wa yaro New General Mathematics, a ce ya fara daga shafin farko, ko a tura shi lesin inda malami yake maimaita wa mutum hamsin abin da aka riga aka yi a aji. Ya shafe watanni yana karanta abin da ya iya, ya shiga ɗakin jarrabawa da kurakuransa na bara ba su motsa ba.

Wanda ya samu D7 ai ba jahilin lissafi ba ne. Galibi wasu 'yan kurakurai ne uku ko huɗu suke binsa, kuma a aljebra suka fi zama, domin da ita ake warware tambayoyin wasu sassan ma, har na kusurwa da na riba da faɗuwa. Shirin mako mai amfani shi ne wanda zai gano kurakuran nan ya kashe su ɗaya bayan ɗaya.

A fara ranar Asabar da gwaji. Ɗalibi ya tsamo tambayoyin aljebra 20 daga takardun shekarun baya, ya ajiye waya, ya rufe littafi, ya ba kansa minti 36. Dalilin wannan adadi shi ne takardar zaɓi ta WAEC tambayoyi 50 ce cikin awa ɗaya da rabi, ka ga kowace tambaya ba ta kai minti biyu ba. Ya rubuta aikinsa layi-layi ko da tambayar ta zaɓi ce, saboda gobe za a buƙace shi.

Lahadi ita ce ranar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi tsallakewa. Ba ranar ƙirga maki ba ce. Ɗalibi zai bi kowace tambayar da ya faɗi har ya ɗora yatsa a kan layin da abin ya lalace. Ɗauki wannan:

(2x − 1)/3 − (x − 2)/4 = 1

Hanyar ita ce a ninka ko'ina da 12, ƙaramar lambar da 3 da 4 suke shiga ba saura. Sai a samu 4(2x − 1) − 3(x − 2) = 12. Idan aka buɗe baka, ya zama 8x − 4 − 3x + 6 = 12, wato 5x + 2 = 12, x kuwa 2 ke nan.

To, yara biyu za su iya faɗin wannan tambaya amma ciwonsu daban. Na farko ya samu x = 22/5. Idan ka duba aikinsa za ka ga ya rubuta −6 a inda ya kamata +6, domin ya manta cewa alamar ɗebewar da ke gaban 3 ta shafi duk abin da ke cikin baka, kuma −3 sau −2 yana ba da +6. Na biyu ya samu x = −1/5. Shi alamominsa daidai suke, amma ya ninka hagu da 12 ya bar 1 ɗin dama yadda yake. Na farko yana buƙatar atisayen buɗe baka da alamomi, na biyu kuwa bai riƙe ka'idar cewa duk abin da aka yi wa hagu sai an yi wa dama ba. Malamin da ya ce wa su biyun "ku ƙara ƙoƙari a aljebra" bai taimaki ko ɗaya ba.

Don haka a ware littafin rubutu guda na kurakurai kawai. A kwafe tambayar, a ja layi a ƙarƙashin inda aka kauce, a rubuta sunan kuskuren da kalmomin ɗalibin kansa, da Hausa ma idan ya fi masa. Kuskuren da ya fi maimaituwa shi ne aikin wannan makon. Guda ɗaya tak.

Litinin zuwa Laraba, minti 45 a kullum sun isa, kuma bayan sallar asuba ya fi, kafin aike da hayaniyar gida su taso. Litinin ya duba misalai biyu ko uku da littafi ya warware, ya rufe, ya sake yin su da kansa. Talata ya yi sababbi goma masu sauƙi, Laraba ya koma ga na tiyori, masu tsawo. Abin lura a nan: karanta amsar da wani ya warware yana sa mutum ya ji kamar ya iya, alhali hannu bai saba ba. Littattafan tambayoyin baya da ake sayarwa a kasuwa ma wani lokaci amsarsu takan zo da kuskuren bugu, shi ya sa ya kamata ɗalibi ya saba da gwada amsarsa. A misalinmu, sa 2 a gurbin x: 3/3 ɗebe 0/4 ya ba da 1, daidai. Sa 22/5 kuwa sai ka samu 2, nan take ka san akwai matsala.

Alhamis ta bita ce, kamar yadda mai hadda ba ya barin tilawar baya don ya karɓi sabon karatu. A ɗauko tambayoyi biyar daga littafin kurakurai, na makon jiya da na makonni uku da suka wuce, a gauraya su. Juma'a a huta.

Jerin makonnin ma yana da ƙa'ida. Kada a taɓa kwadaratik kafin alamomi da buɗe baka su zauna. Yaron da aka ba 2x² − 5x − 3 = 0 ya rubuta (2x − 1)(x + 3) maimakon (2x + 1)(x − 3), ya gane tsarin, alama ce ta kayar da shi, kuma da ya buɗe bakan ya duba zai ga +5x ya fito. Bayan alamomi sai ikweshan mai raba, sai sauya abin nema a fomula, sai masu x da y tare, sannan kwadaratik da tambayoyin da ake bayarwa cikin labari. Ana barin batu ne idan ɗalibi ya ci takwas cikin goma a gwajin Asabar biyu a jere. Idan mako uku ya wuce kuskure ɗaya bai gushe ba, maimaici shi kaɗai ba zai yi ba; a nemi malami ko wani yaya da ya iya, ya zauna ya kalli yaron yana aiki da bakinsa a buɗe, yana faɗin abin da yake yi.

Iyaye ba sai kun iya lissafi ba kafin ku sa ido. Ranar Lahadi ku ce a kawo littafin kurakurai. Idan shafukan fayau suke, ko kuma amsoshi ne kawai babu aiki, to ba a bin shirin. Takardar tiyori ta WAEC tambayoyi goma ake amsawa cikin 13, a awa biyu da rabi, kuma masu maki suna ba da maki a kan hanyar da aka bi, ba amsar ƙarshe kaɗai ba. Wanda ya rubuta matakansa ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe yana tsira da wani abu. Wannan ma dalili ne na guje wa masu karɓar kuɗi da sunan za su turo amsa a waya, da cibiyoyin da ke alkawarin kiredit ba karatu: hukumar jarrabawa tana riƙe sakamakon waɗanda take zargi da satar amsa, takan soke shi ma, kuɗin rajista kuma ba ya dawowa.