INSHORA: YADDA KUƊIN MUTUM DUBU KE SHARE HAWAYEN MUTUM BIYAR

Waɗanda suke Jos a watan Fabrairu na 2002 ba za su manta da gobarar da ta cinye babbar kasuwar Taminus ba. 'Yan kasuwa sun kwanta da jari, sun wayi gari da toka. Haka aka yi a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, inda dubban shaguna suka ƙone a dare guda. Duk sa'ad da irin wannan ta faru mukan ji ana tambaya, shin masu shagunan suna da inshora? Mukan kuma ji amsar da yawancinmu ke bayarwa: "Wane mutum! In biya shekara goma ban karɓi ko kwabo ba, kamfani ya cinye kuɗina?"

Wannan ƙorafi ya cancanci amsa. To, mai karatu, bari mu zauna mu yi lissafin tare, domin sirrin inshora duka yana cikin lissafin nan ne.

BA ADASHI BA CE

Dukanmu mun san adashi. Mutum goma su zuba, kowa ya kwasa in layinsa ya zo, kuma abin da ka zuba shi za ka kwasa. Inshora ta fi kama da asusun taimakon juna da akan kafa a unguwa ko a ƙungiyar mata: kowa na zubawa, amma wanda abu ya sama shi kaɗai ake ba. Wanda shekara ta ƙare bai karɓi kome ba, shi ne ya yi sa'a, don wuta ba ta taɓa shi ba. Kuɗinsa kuwa bai ɓata ba, ya tafi wurin ɗan'uwan da ta taɓa.

Ga misali, mu ƙaddara shi da kanmu. A ce akwai masu shago 1,000, kowanne yana da kaya na naira miliyan 2. A ce kuma an duba abin da ya faru shekaru da dama da suka wuce, aka ga cewa a cikin kowane shago dubu, biyar sukan ƙone a shekara. Ba wanda ya san shagon wa za a ce, amma an san kusan biyar ne. Hasarar shekara ke nan naira miliyan 10. Idan aka raba miliyan 10 ga mutum 1,000, kowa zai ba da naira 10,000 kacal.

Dubi abin da ya faru. Da kowane mai shago zai tanadi maganin gobara shi kaɗai, sai ya ɓoye naira miliyan 2 yana jiran ranar da watakila ba za ta zo ba. In kuwa yana ajiye 10,000 a shekara, sai ya shekara 200 kafin ya tara su. Amma da suka haɗu, 10,000 ɗin nan ta wadatar tun shekarar farko. Dalili kuwa shi ne kowa yana cikin hatsari, amma ba kowa hatsarin ke faɗa wa ba. Mutum 995 sun ɗauki nauyin mutum biyar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kamfanin inshora ba zai karɓi 10,000 daidai ba. Yana biyan ma'aikata da dillalai, yana ajiye tanadi don muguwar shekara, yana kuma neman riba. A ce ya karɓi 15,000 daga kowa. Asusu ya zama miliyan 15, wanda zai biya shago bakwai har da ragowa.

ME YA SA SAI DA YAWA?

Wani zai ce, to, mu ashirin a layinmu mu haɗa namu mana, mu huta da kamfani. Mu gwada. Mutum 20, kowa 10,000, an tara 200,000 a shekara. Bisa lissafinmu, a cikin shago 20 gobara za ta tashi kamar sau ɗaya a shekara goma, kuma a shekara goma an tara miliyan 2. Ga alama lissafi ya yi daidai. Sai dai wuta ba ta duba kalanda. In ta zo a shekara ta biyu, 400,000 ne kawai a asusu, alhali ana bukatar miliyan 2. Asusu ya karye, zumunci ma watakila ya bi shi.

Ga mutum 1,000 abin ya fi sauƙi, amma har yanzu yana rawa. Biyar da muka faɗa matsakaici ne. Wata shekara biyu za su ƙone, wata shekara takwas. Masana lissafi za su gaya mana cewa a shekara 19 cikin 20 adadin zai faɗa tsakanin ɗaya da tara. Tara kuwa ya kusa ninka biyar, ya kuma fi ƙarfin miliyan 15. Shi ya sa dole a ajiye rarar shekarun alheri.

Yanzu a ce shago 100,000 ne. Ana sa ran 500 za su ƙone, kuma a shekara 19 cikin 20 adadin zai tsaya tsakanin 455 da 545. Watau kuskuren bai kai kashi goma cikin ɗari ba. Hatsarin kowane shago bai ragu ba ko kaɗan, amma hasarar taron ta zama abin da ake iya faɗa tun shekara ba ta kama ba. Wannan ita ce ƙa'idar yawa, wadda wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, Jacob Bernoulli, ya tabbatar a littafinsa da aka buga a 1713. Mai sayar da hatsi ma ya san ta: ƙwayar gero ɗaya ba ta gaya maka kome, amma mudu yakan nuna maka halin buhu.

INDA LISSAFIN KE KARYEWA

A nan ne za mu koma kasuwar Taminus. Duk lissafin da muka yi ya dogara ga sharaɗi guda: gobarar shagon wane ba ta jawo ta shagon wane. Idan shagunan dubu suna warwatse, wasu a Jos, wasu a Yola, wasu a Kafancan, wasu a Zariya, sharaɗin ya cika. Idan kuwa dukansu suna ƙarƙashin rufi ɗaya, bango na jingine da bango, wayar lantarki ɗaya ta ratsa su, to, a idon wuta ba shago dubu ba ne, babban shago ɗaya ne. A ce 300 suka ƙone a dare guda. Hasara ta kai naira miliyan 600, watau kuɗin da asusunmu zai shekara 40 yana tarawa. Saboda haka asusun da 'yan kasuwa ɗaya suka kafa wa kansu yana da amfani ga ƙaramar gobara da rashin lafiya da sata, amma ranar babbar gobara masu ba da taimako su ne masu neman taimako.

Turawa ma da wuta suka koyi wannan darasi. Gobarar birnin Landan ta 1666 ta cinye gidaje fiye da 13,000, kuma bayanta ne aka fara kafa kamfanonin inshorar gobara a can. A 1842 wata ta cinye babban yanki na birnin Hamburg a Jamus, ta jijjiga kamfanonin da suka tara hatsarinsu a gari ɗaya. Shekara huɗu bayan haka, a 1846, aka kafa kamfani a birnin Kolon wanda aikinsa shi ne yi wa kamfanonin inshora inshora.

Yadda abin yake shi ne, kamfani yakan ce, hasarar da ba ta wuce kaza ba ni zan biya, abin da ya haura sai babban kamfani ya ɗauka, ni kuma in ba shi wani kaso na kuɗin da na karɓa. Shi babban kamfanin yana karɓar irin wannan daga ƙasashe da yawa, kuma da wuya kasuwar Kano da ta Nairobi su ƙone rana ɗaya. Ƙasashen Afirka sun kafa irin wannan kamfani a 1976, hedkwatarsa tana Legas. Haɗin kan nan dai shi ne, sai dai an faɗaɗa tabarmar.

GASKIYA ITA CE JARIN ASUSU

Abu na biyu da ke karya asusu shi ne a sa wa kowa kuɗi ɗaya alhali hatsari ba ɗaya ba ne. Mai sayar da katifa da mai sayar da rodi ba su yi daidai a gaban wuta ba. In an ce su biya daidai, mai rodi zai ga an cuce shi, ya fita. Sai a bar masu hatsari zalla, gobara ta tashi daga biyar cikin dubu zuwa goma, kuɗi ya ƙaru, wasu kuma su sake fita. Don haka ne ma'aikacin inshora ke tambayar irin kayan da ke shago, da irin ginin, da ko ana ajiye fetur ko janareto a ciki. Wanda ya ɓoye gaskiya a nan, kamfani na iya ƙin biyansa ranar da ya zo nema.

Haka nan wanda ya rage darajar kayansa don ya biya kaɗan. A yawancin takardun inshorar gobara akwai sharaɗin cewa gwargwadon abin da ka shigar, gwargwadon abin da za a biya ka. Mai kayan miliyan 2 da ya rubuta miliyan 1 ya shigar da rabi ne. In wuta ta ci masa kayan 800,000, za a ba shi 400,000. A zamanin da farashi ke tashi kullum, wanda bai sabunta darajar kayansa ba yakan faɗa wannan rami ba da saninsa ba. Kuma inshora ba ta biyan fiye da abin da aka yi hasara, domin kada gobara ta zama hanyar cin riba.

Saboda haka, mai karatu, kafin ka zuba kuɗinka a kowane asusu, na kamfani ne ko na ƙungiya, yi tambaya uku. Mutum nawa ne a ciki? Shin wuta ɗaya ko ambaliya ɗaya za ta iya samunsu gaba ɗaya? In hakan ta faru, wa ke tsaye a bayan asusun? In kamfani ne, tabbatar yana da lasisin Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997. Wanda kuma ya zo maka da farashi mai arha ƙwarai, tuna da lissafinmu: in hasarar gaskiya 10,000 ce a kan kowa, mai karɓar 3,000 ba shi da abin da zai biya ka da shi. Sa'an nan ka adana rasit da littafin kayanka a gida, ba a shagon da kake tsoron ya ƙone ba.

Magabata sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu kuma muna ƙarawa da cewa, a haɗa ruwan a randa ɗaya tun wutar ba ta kama ba, a kuma ajiye randar nesa da murhu.