Amsar Wasiƙunku: Yadda Ake Roƙon Wanda Aka Sani Ya Miƙa Takardar Neman Aiki

Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani manomi, kuma mai sayar da hatsi a kasuwar Giwa. Bayan gaisuwa ya ce ɗansa ya gama difloma a fannin aikin gona, yau shekara uku ke nan yana tsaron shagon taki da maganin feshi. Sai suka ji labarin wani kamfanin iri a Zariya yana neman malamin gona da zai riƙa zagaya manoman da ke noma masa iri. Akwai wani tsohon abokin cinikinsa da ke zaune a cikin birnin Zazzau, wajen Ƙofar Doka, wanda ke riƙe da sito a kamfanin. Yaron ya aika masa saƙo ta waya, ga shi an yi sati uku shiru. Malam yana tambaya: wulaƙanci ne, ko kuwa su ne ba su iya roƙo ba?

Malam ya kyauta da ya kwafo mana saƙon yaron a cikin wasiƙar. Ga abin da ya rubuta: "Salam Baba, don Allah a taimaka mini da aiki ko wane iri ne. Na gode." Sai hoton takardun makaranta guda shida a biye.

To Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ni ban ga wulaƙanci a nan ba. Yaronka ya ɗora wa mutumin nan kayan da ba zai iya ɗauka ba ne. Mai sito ba shi ke ɗaukar ma'aikata ba. Idan aka ce masa "ba ni aiki", amsa ɗaya ce ta gaskiya a bakinsa, watau "ba ni da iko", kuma dattijo yana jin nauyin faɗa wa ɗan abokinsa haka. Sai ya yi shiru. Abin da yake da iko a kai ƙarami ne, amma yana da amfani: ya ɗauki takarda ɗaya ya ajiye a gaban mai ɗaukar aiki, ya ce, "Na san gidansu yaron nan, a duba." Wannan shi ne abin da za a roƙa, kada a wuce shi.

Kai ɗan kasuwa ne, ka san wannan sarai. In baƙo ya zo maka ya ce ka kai shi wurin babban dila ya karɓi buhu ashirin na masara bashi, ba kuɗinka za a ba shi ba, amma sunanka ne a kan kayan. Kafin ka buɗe baki sai ka san abin da za ka faɗa in dila ya tambaye ka, "Wane ne shi, me yake yi?" Haka mai siton nan yake. Da zarar ya miƙa takarda, manaja zai ɗago kai ya ce, "Me ya iya?" Idan yaronka bai sa masa amsar a baki ba, tsayawa zai yi yana sosa ƙeya a gaban maigidansa. Saboda haka babban aikin saƙon shi ne ya ba ɗan aike maganar da zai faɗa, layi biyu ko uku, gaskiya tsantsa wadda ba za ta kunyata shi daga baya ba.

Takardar da za a miƙa ɗin kuma ba satifiket ba ce. Ita ce wadda 'yan boko ke kira si-bi: taƙaitaccen tarihin mutum, sunansa da lambar wayarsa, makarantun da ya yi da shekarun, ayyukan da ya taɓa yi, da mutum biyu da za su iya ba da shaida a kansa. Ga matashi irin ɗanka shafi ɗaya ya isa, in ta yi yawa biyu. Satifiket sai an kira shi ganawa ake zuwa da su, ko kuma in sanarwar ta ce a haɗa kwafi.

Bari in gwada maka yadda da ni ne zan rubuta saƙon, da bayanan da ka ba mu a wasiƙarka:

"Assalamu alaikum Baba. Ina fata kuna lafiya da iyali. Ni ne wane, ɗan Malam wane mai hatsi na Giwa. Ni na kawo muku saƙon shinkafa gida da ƙaramar Sallar da ta wuce. Na ji kamfaninku yana neman malamin gona mai zagaya manoman iri, kuma za a rufe karɓar takardu ranar Juma'a ta sama. Ina da difloma a aikin gona. Na yi shekara uku a shagon taki da iri, ni ke riƙe da littafin manoman da ke karɓar kaya bashi, su wajen 80, kuma da damina ina bin gonakinsu a kan babur, ina da lasin. Na san ƙauyukan Giwa da Shika sosai. Roƙona shi ne, in babu takura, ku miƙa takardata ga mai kula da ɗaukar ma'aikata. Ga ta nan a haɗe. In kuma ba ta hannunku ake bi ba, ku nuna mini inda zan kai da kaina. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Ka lura da yadda aka fara. Yaro ya tuna wa mutum ko shi wane ne, da wani abu guda da zai sa fuskarsa ta faɗo masa a rai. Mutumin da ke aiki a Zariya, garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, ga Kwalejin Nuhu Bamalli, kowace shekara ana yaye ɗalibai, ba saƙon ɗanka kaɗai ke shigo masa waya ba. "Salam Baba" daga lambar da ba a ajiye ba, ai ba a san mai magana ba.

Inda nake so in daɗe shi ne tsakiyar saƙon, wurin bayanin dacewa. A nan yara suka fi yin kuskure. Wasu sai su cika shi da kuka: gida ba abinci, mahaifiya ba lafiya, shekara kaza ba aiki. Duk yana iya zama gaskiya, Allah ya yaye, amma ɗan aike ba zai iya shiga ofis ya karanta wa manaja wannan ba. Wasu kuma sai yabon kai: ni mai ƙwazo ne, mai gaskiya da riƙon amana. Wa zai ce shi malalaci ne? Abin da ake so shi ne a dubi aikin, a tambayi kai me mai yin sa yake yi daga safe zuwa yamma, sannan a zaɓo abu biyu ko uku daga rayuwar mutum da suka yi daidai da shi.

Alal misali, malamin gonar kamfanin iri yini yake a kan hanya. Zai duba ko gonar masarar iri ta yi nisa da sauran gonakin masara, domin iska na ɗauko garin bununi daga wata gona ta gurɓata irin. Zai sa a tuge duk tsiron da ya fita daban. Zai rubuta wanda ya karɓi iri da taki, da buhu nawa ya dawo da su da kaka. To ka ga dalilin da ya sa na sa babur, da littafin bashi, da sanin ƙauyuka. Tsaron shagon da yaronka yake raina wa, har bai ambace shi ba, shi ne ma babban jarinsa. Amma fa kada a ƙara gishiri. In manoma 30 ne a littafin, a ce 30. Ranar ganawa tambaya biyu za ta tona ƙarya, kuma wanda zai sha kunya shi ne dattijon da ya kawo takardar.

Sai maganar ƙarshe ta saƙon, inda aka ce in ba ta hannunsa ake bi ba ya nuna hanya. Wannan ƙofa ce aka bar masa a buɗe. Zai iya cewa a'a ba tare da zumunci ya taɓu ba, kuma sau da yawa daga nan ne ake samun sunan ofishin da ya dace. Ma'aikatu da yawa, musamman na gwamnati, yanzu ta intanet suke karɓar takardu. In haka ne, yaro ya fara cika nasa a can kamar kowa, sannan ya shaida wa wanda ya sani cewa ya riga ya cika.

Game da aikawa, in ta WhatsApp ce, a mai da takardar PDF a shagon masu kwamfuta, a sa mata sunan yaron, don kada ta ɓace a cikin hotunan biki. Hoton takarda da aka ɗauka a kan tabarma da dare ba ya karantuwa. Kada kuma a yi saƙon murya na minti biyar. Rubutu gajere shi ne mutum zai iya turawa gaba yadda yake.

Amma ni da aka haifa kusa da ganuwa, na san halin mutanen cikin birni. Dattijo sa'an mahaifinka ba a fara masa da waya. Kai Malam ka kira shi tukuna, ku gaisa, ka ce yaro zai zo. Yaro ya sa takardarsa a ambulan mai tsabta, ya je da yamma bayan la'asar, ya yi sallama a zaure, ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi buƙatarsa a taƙaice kamar yadda take a saƙon. Bayan ya koma gida sai ya tura rubutun da kwafin takardar ta waya, domin dattijo ya sami abin dubawa. Kada a tare mutum a ƙofar masallaci a gaban jama'a a miƙa masa ambulan. In ya karɓa don kunya ne.

Abu ɗaya zan ja kunne a kai. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi kafin ya miƙa takarda, ko ya nemi lambar BVN ko lambar sirrin katin banki, ku rabu da shi. Miƙa takarda ba ya cin ko sisi.

Tun da saƙon farko ya riga ya tafi, ba sai an tayar da zancensa ba, kuma kada a ce masa "mun ji ka shiru". A aika sabon kawai. In an kwana bakwai ba labari, yaro ya sake gaisuwa sau ɗaya, ya tambaya ko takardar ta isa, daga nan ya bar shi haka, ya ci gaba da kai takardunsa wasu wurare. In kuwa aka kira shi ganawa, mutumin nan ya fara ji daga bakinsa kafin ya ji a ofis, ko an ɗauke shi ko ba a ɗauka ba.

Malam, ka ce ranar rufewa ta kusa, don haka kada a bari sai an tashi daga kasuwar Giwa ta wannan mako. A rubuto mana yadda aka ƙare. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu amsa wasiƙar wata baiwar Allah daga Soba da ke tambaya a kan ajiyar wake.