Takardar sulhun Bakassi: inda aka ɗaure da inda aka saki

A ranar 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya da ke birnin Hague ta yanke hukuncin cewa yankin Bakassi mallakar Kamaru ne. Aka shekara uku da 'yan watanni, sojojin Najeriya na nan daram. Hukuncin ya faɗi mai ƙasa, ya ce a janye ba tare da ɓata lokaci ba, amma bai yanka rana ba. Sai a ranar 12 ga Yuni 2006 Shugaba Olusegun Obasanjo da Shugaba Paul Biya suka sa hannu kan yarjejeniyar Greentree a jihar New York, a gaban Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Takardar gajeriya ce, sashe 8 da rataye biyu, amma masu rubuta sulhu na da abin dubawa a cikinta.

Ƙarfinta yana wajen wa'adi. Sashe na 2 bai ce Najeriya ta janye nan ba da jimawa ba, irin kalmar da ke kashe sulhu. Cewa ya yi ta kwashe dukan sojojinta cikin kwana 60 daga ranar sa hannu. Masu rubutun sun san cikas kan faru, don haka suka tanadi ƙari, suka faɗi wanda ke da ikon bayarwa, wato Babban Sakataren, suka kuma ƙayyade shi: kada ya wuce kwana 30 gaba ɗaya. A watan Agusta 2006 sojoji suka fita.

Sauran miƙa mulkin ma daki-daki aka tsara shi. A wani ɓangare na yankin an bar wa Najeriya mulkin farar hula da 'yan sanda har shekara biyu, daga nan Kamaru ta karɓa ta gudanar da mulki na musamman har shekara biyar. Kowane wa'adi an rubuta ƙarara cewa ba za a sabunta shi ba, don kada wani ya zo daga baya yana neman a ɗaga masa ƙafa. An miƙa yankin ranar 14 ga Agusta 2008 a Kalaba, mulkin na musamman kuma ya ƙare a Agusta 2013.

To wa zai duba ko ana cika alkawari? Sashe na 6 ya kafa kwamitin bin diddigi, da wakilan ƙasashen biyu, da Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙasashe huɗu da suka tsaya shaida: Amurka, Birtaniya, Faransa da Jamus. Kwamitin nan kuma shi aka ba aikin warware duk saɓanin da ya taso kan ma'anar takardar ko yadda ake aiwatar da ita. Ke nan tun ana shiri aka san inda za a kai ƙara idan an ɓata. Mai sasanta manomi da makiyayi kan ɓarnar gona zai gane hikimar: in ba a rubuta nawa ne diyya, da ranar biya, da wanda za a koma wurinsa in an saɓa ba, rigimar kan dawo da damina mai zuwa.

Sai dai ba ko'ina aka ɗaure haka ba. A sashe na 3 Kamaru ta yi alkawarin ba za ta kori 'yan Najeriya mazauna yankin ba, ba za ta tilasta musu sauya ƙasa ba, za ta bar su da noma da kamun kifi, ba kuma za ta ɗora musu harajin nuna bambanci ba. Kalmomi masu daɗi, amma babu ma'auni. Ana iya ƙirga soja a ga ya fita; ina za a auna cin zarafin masunci a tsakiyar ruwa? Ba a ba talaka wata ƙofar kai kuka da kansa ba, shi kuwa kwamitin an rubuta aikinsa zai ƙare ne da ƙarewar mulki na musamman, alhali alkawuran ba su da ranar ƙarewa. Batun tsugunar da waɗanda suka zaɓi komawa Najeriya ma ba ya cikin takardar, shi ya sa dubban mutane suka daɗe a sansanoni a jihar Kuros Riba, masunta kuma suka yi ta kokawa kan haraji da jandarmomi.

Akwai kuma tambayar ko mai sa hannu ya gama da na gida. A watan Nuwamba 2007 Majalisar Dattawan Najeriya ta yi watsi da miƙa yankin, bisa hujjar cewa sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya buƙaci majalisa ta mayar da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa doka kafin ta yi aiki a cikin gida. Gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ci gaba da miƙawa, amma da an nemi majalisa tun farko, da ba a sha wannan ja-in-ja ana tsakiyar aiki ba.