Me Ya Sa Shirye-shiryen Fodkas Ke Komawa YouTube, Kuma Me Suke Samu a Can?

A watan Fabrairun 2025 kamfanin YouTube ya sanar cewa sama da mutum biliyan ɗaya ne ke kallon shirye-shiryen fodkas a dandalinsa kowane wata. Kalmar da ya yi amfani da ita kallo ce, alhali fodkas tun asalinsa abin kunne ne: hira ko jawabi da ake ɗauka a murya, mutum ya sauke a wayarsa ya saurara yana tuƙi ko yana aiki. Yau mai shirin da ya gama tace muryarsa sai ya ƙara zama ya mayar da ita bidiyo, ya rubuta sunayen baƙinsa, ya taƙaita abin da aka tattauna, ya tsara bayanin da masu nema za su iya cin karo da shi. Ra'ayina shi ne riba mafi girma a wannan sauyi tana cikin rubutun da ke ƙarƙashin bidiyon, kuma shi ne ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Babban abin da ya kori masu shiri daga zama a murya zalla shi ne wahalar gano su. Fodkas yana tafiya ne a kan wani tsari mai suna RSS, wato wani fayil da ke lissafa dukkan fitowar shiri, manhajoji irin su Apple Podcasts da Spotify su riƙa ɗaukowa daga gare shi. Tsarin yana da kyau wajen kai shiri ga wanda ya riga ya san shi. Amma wanda bai taɓa jin sunanka ba, da wuya ya faɗo kanka, domin mutane ba su saba shiga manhajar fodkas su rubuta tambayar da ke damunsu ba. A YouTube kuwa abin da suke yi ke nan duk rana, kuma dandalin da kansa yana tura wa mutum bidiyon da bai nema ba.

Kamfanin Google, mai YouTube, ya ƙara tura lamarin da hannunsa. A 2023 ya shigar da fodkas cikin YouTube Music, a 2024 ya rufe manhajarsa ta Google Podcasts, ya kuma buɗe hanyar da mai shiri zai ba YouTube adireshin RSS ɗinsa, dandalin ya mayar da kowace fitowa bidiyo mai hoto ɗaya tsayayye. Ko manyan masu shiri sun bi wannan iska. Joe Rogan, wanda ya kwashe cikakkun hirarrakinsa zuwa Spotify bayan yarjejeniyar 2020, ya dawo da su YouTube a 2024. Ga kuma batun kuɗi: tashar da ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 tana iya neman kason kuɗin talla, kuma hira mai tsawon awa guda tana tara waɗannan awanni da sauri fiye da ɗan gajeren bidiyo.

Haɗa bidiyon kansa ba wani aiki ba ne. Wanda bai ɗauki hoton hirar da kyamara ba yana iya ɗora muryar a kan hoto ɗaya da manhajar ffmpeg, wadda kyauta ce:

```
ffmpeg -loop 1 -i hoto.jpg -i shiri.mp3 -c:v libx264 -tune stillimage -c:a aac -pix_fmt yuv420p -shortest shiri.mp4
```

Sharaɗi ɗaya da ke tare sababbin shiga shi ne YouTube ba ya karɓar bidiyon da ya wuce minti 15 sai an tabbatar da tashar da lambar waya. Da an wuce nan, sauran aikin na alƙalami ne.

A ɗauka wani mai shirin harkar noma ya yi hirar minti 50 da mutum biyu, wani manomin albasa daga Aliero ta jihar Kebbi da wata malamar gona, kan yadda albasa ke ruɓewa a rumbu. A manhajar fodkas ya sa mata suna "Kashi na 47", kuma hakan ya wadatar da tsofaffin masu saurarensa. Idan ya ɗauko sunan nan ya kai YouTube, ya binne hirar da hannunsa, domin babu manomin da zai rubuta "kashi na 47" a akwatin nema. Abin da zai rubuta shi ne "yadda ake adana albasa" ko "me ke sa albasa ruɓewa". Take yana ɗaukar harafi 100 ne kawai, kuma a allon waya ana datse ƙarshensa, saboda haka batun ya kamata ya zo farko, sunan shiri da lambar fitowa su koma ƙarshe: "Yadda ake adana albasa kada ta ruɓe, tare da manomi daga Aliero, Kashi na 47".

Akwatin bayani, wanda aka rubuta wa Description, yana ɗaukar harafi 5,000, amma layi biyu ko uku na farko ne kaɗai ke bayyana kafin mutum ya danna ya ga sauran. Nan ne gurbin taƙaitawa, kuma nan ne aka fi yin asara. Da yawa suna cika wurin da gaisuwa, ko roƙon a bi tasharsu, ko adireshin shafukansu, kuma jimla ɗaya suke maimaitawa a kowace fitowa. Sakamakon shi ne bidiyo 47 masu farkon bayani iri ɗaya, babu abin da ya bambanta na albasa da na kiwon kaji. Taƙaitawa mai amfani tana faɗin abin da aka ce a hirar da kalmomin da aka faɗe shi: cewa an yi maganar shanya albasa bayan cira, da yadda iska ke ratsa rumbu, da yadda ake gane wadda ta fara ruɓa kafin ta shafi sauran. Mai shiri ya sake sauraren hirarsa da biro a hannu kafin ya rubuta wannan, kada ya dogara da abin da yake tunanin an faɗa.

Daga nan sai jerin baƙi. Kowane baƙo yana buƙatar cikakken suna, da sana'arsa ko muƙaminsa, da dalilin da ya sa aka gayyace shi kan wannan batu. Mutane suna neman mutane fiye da yadda suke neman shiri. Ɗalibin malamar gonar nan sunanta zai rubuta. Idan baƙo yana da tasha, ana iya rubuta sunanta bayan alamar @ domin ta zama abin dannawa. Sai dai akwai amana a nan. Mutumin da ya yarda ya yi magana ga masu sauraro ƙalilan bai zama dole ya yarda sunansa ya riƙa fitowa a Google shekara da shekaru haɗe da abin da ya faɗa ba. A tambaye shi kafin a wallafa, a kuma tambaye shi yadda yake rubuta sunansa.

Ɓangaren da na fi ganin ƙimarsa shi ne rarraba hirar babi-babi. Ƙa'idar YouTube a bayyane take: lokaci na farko ya zama 00:00, a samu aƙalla uku a jere daga ƙarami zuwa babba, kuma kowane babi ya kai daƙiƙa 10.

```
00:00 Gabatar da baƙi
03:40 Lokacin da ya dace a cire albasa
14:05 Shanya ta kafin a kai rumbu
27:30 Alamomin ruɓewa
41:15 Sayarwa da wuri ko ajiya
```

Idan an bi ƙa'idar, layin da ke nuna tafiyar bidiyo zai rabu gida-gida, kowane gida da sunansa. Idan bai rabu ba, sau da yawa an manta 00:00 ne ko an rikita jerin. Amfaninsa shi ne hira ɗaya ta samu ƙofofi biyar: Google yana iya nuna babi ɗaya a sakamakon bincike ya kai mutum minti na 27 kai tsaye. Mutumin da ba zai taɓa zama minti 50 ba zai ba ka minti takwas. Kuskuren da ke yawan faruwa shi ne a kwafo lokutan daga fayil ɗin murya alhali an ƙara wa bidiyon gabatarwa ta daƙiƙa 20, sai kowane babi ya faɗa tsakiyar wata jimla. A danna su ɗaya bayan ɗaya kafin a saki.

Mai shiri da Hausa yana da ƙarin matsala. Mafi yawan masu nema ba sa rubuta ƙ da ɗ da ɓ a waya. "Rubewa" za su rubuta inda kai ka rubuta "ruɓewa". Suna ɗaya kuma ana rubuta shi Muhammad, Muhammadu ko Mohammed. YouTube da kansa ya ce akwatin Tags ba ya taka rawa sosai wajen gano bidiyo sai inda ake yawan bambanta rubutun kalma, kuma halinmu ke nan daidai. A rubuta take da bayani da Hausa ingantacciya, a zuba sauran rubuce-rubucen a akwatin Tags.

Duk wannan yana da farashi. Na farko yana kan mai sauraro: murya ta awa ɗaya a kan kilobit 64 cikin daƙiƙa ba ta wuce megabait 29 ba, bidiyon fuskoki masu motsi kuwa yana ninka wannan sau da yawa, kuma a manhajar YouTube ta kyauta da ka kashe allo shirin ya tsaya. Direban da ya saba saurare da waya a aljihu ya fi hutawa da murya, shi ya sa rufe RSS bayan an koma YouTube ganganci ne. Na biyu yana kan mai shirin. A RSS, idan baƙo ya faɗi wani abu ba daidai ba, ana canza fayil ɗin kuma adireshin bai motsa ba. A YouTube ana iya datse wani yanki, amma ba a maye gurbin fayil. Sai dai a sake ɗorawa a rasa adadin kallo da adireshin da aka riga aka rarraba. Kiɗan buɗe shiri da ya daɗe yana tafiya lafiya a murya ma yana iya faɗawa tarkon Content ID, kuɗin tallar ya tafi ga mai kiɗan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda neman a gan ka ke komowa ya canza hirar kanta. Da zarar mai shiri ya lura cewa take mai zafi ya fi jan dannawa, sai ya fara yi wa baƙo tambayar da za ta haifar da take, ya kuma ɗauko jimla ɗaya da aka faɗa a gefe ya mayar da ita kan labari. Wannan ma yana barin shaida. A YouTube Studio akwai zanen da ke nuna inda masu kallo suke barin bidiyo. Idan mutane da yawa suna dannawa amma layin ya rufta tun daƙiƙa 30 na farko, taken ya yi alkawarin da hirar ba ta cika ba. A shafin Reach kuma ana ganin ainihin kalmomin da suka kawo mutane ta hanyar bincike. Idan mai shirin albasar nan ya ga ana zuwa masa da "rumbun albasa" alhali kalmar tana can ƙasan bayani, sai ya ɗago ta zuwa layin farko, tunda take da bayani, saɓanin fayil ɗin bidiyo, ana iya gyara su ko bayan shekara.